Daga rajistar mambobi zuwa teburin babban sakatare: yadda ƙungiyarmu ta kai buƙatarta gaban gwamnati

Ƙungiyar masu buƙata ta musamman da ke son gwamnati ta sauya wani tsari tana fuskantar tambayoyi uku a duk ofishin da ta shiga, ko an furta su ko ba a furta ba: ku nawa ne, me kuke so takamaimai, kuma nawa zai ci. Na riƙe muƙamin sakatare a ƙungiyarmu a lokacin da muka nemi ma'aikatar lafiya ta wajabta gyara ƙananan asibitocin gwamnati ta yadda mai keken guragu, makaho da kurma za su iya shiga a duba su ba tare da an ɗauke su cak ko an nemo musu mai magana a madadinsu ba. Duk aikin da muka yi, tun daga rubuta sunan mamba na farko har zuwa ranar da muka ajiye takardarmu a gaban babban sakataren ma'aikatar, shiri ne na amsa waɗannan tambayoyi uku.

Mun fara da gyara gidanmu. Akwai bambanci tsakanin ƙungiyar da masu nakasa suke jagoranta da kansu da ƙungiyar da wasu suka kafa domin taimaka musu, kuma bambancin yana da nauyi a doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Disamba 2006 ta kuma fara aiki ranar 3 ga Mayu 2008, ta wajabta wa gwamnatocin da suka karɓe ta, a sashe na 4 sakin layi na 3, su tuntuɓi masu nakasa ta hannun ƙungiyoyin da ke wakiltarsu a duk lokacin da ake tsara doka ko manufar da ta shafe su. A 2018 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fitar da sharhinsa na 7, inda ya fayyace cewa ƙungiyar da ake nufi ita ce wadda masu nakasa ne ke shugabantarta da tafiyar da ita, kuma su ne mafi rinjayen mambobinta. Saboda haka muka sake rubuta kundin tsarin mulkin ƙungiya, muka sanya cewa shugaba da mafi yawan 'yan kwamitin zartarwa dole su kasance masu nakasa, muka ware kujeru ga kurame, makafi, zabiya, masu nakasar gaɓoɓi da masu jinkirin fahimta tare da iyayensu, muka kuma ware kaso ga mata. Abokan arziki da ba su da nakasa muka ba su matsayin mataimaka, suna ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. Wasu daga cikinsu ba su ji daɗin hakan ba, sai dai duk ranar da jami'i ya tambaye mu da yawun wa muke magana, wannan shafi na kundin ne muke buɗe masa. Daga nan muka yi rajista da hukuma, muka buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, domin ma'aikata ba ta amsa wasiƙar ƙungiyar da ba ta da lambar rajista da adireshi.

Tara mambobi shi ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke yaudarar kansu. Abu ne mai sauƙi a kira taro, a cika zaure, a zagaya da takarda kowa ya rubuta suna. Irin wannan jeri ba ya jure bincike, domin za a tarar da sunan mutum ɗaya a wuri uku, da lambobin wayar da ba sa shiga, da mutanen da suka zo saboda sun ji an ce za a yi rabon kaya. Mun bi gida gida, tare da mace a kowace tawaga da kuma mai iya maganar hannu, saboda waɗanda suka fi buƙatar asibiti su ne waɗanda ba sa iya zuwa taro. Kowane mamba ya samu lamba ɗaya da kati, ya kuma amince da kansa a rubuta bayanansa bayan an karanta masa abin da za a yi da su. Mun sa ɗan kuɗin wata-wata mara nauyi, muka yafe wa wanda ba shi da hali. Amfanin kuɗin ya wuce sayen takarda da biyan kuɗin mota: littafin da ke nuna mutane suna biya wata bayan wata shi ne shaidar cewa mambobin suna nan da ransu kuma suna tare da mu.

A fom ɗin rajista ba mu tambayi mutum ko shi nakasasshe ne ba, domin dattijon da idonsa ya yi rauni ko matar da ba ta ji sosai za su ce a'a, su kuma faɗi gaskiyarsu. Mun yi amfani da tambayoyi shida da rukunin Washington, wata ƙungiyar masana ƙididdigar nakasa ta duniya, ya tsara, waɗanda hukumomin ƙididdiga na ƙasashe da dama ke sakawa a ƙidaya. Suna tambaya ne kan wahalar gani, ji, tafiya ko hawa matakala, tuna abu ko tattara hankali, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, da kuma fahimtar magana ko fahimtar da wani. Kowace tambaya tana da amsa huɗu: babu wahala, akwai 'yar wahala, akwai wahala sosai, ko ba na iyawa sam. Wanda ya zaɓi ɗaya daga biyun ƙarshe a tambaya ko da guda ɗaya, shi ake ƙirgawa. Tambayoyin suna da iyaka, domin ba sa kama zabiya da yawancin masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ba a tsara su don ƙananan yara ba, don haka muka ƙara namu layin a ƙasa. Amma amfani da ma'aunin da jami'in ƙididdiga na gwamnati ya riga ya sani ya hana a ce alƙalumanmu na son rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri. Mun ambaci wannan adadi sau ɗaya a takardarmu, muka wuce, domin na lura darakta ba ya motsi da adadin duniya. Abin da ke sa ya gyara zama shi ne jin yawan mutanen da ke ƙarƙashin asibitocin da shi ne zai amsa tambaya a kansu.

Da rajista ta kammala sai muka kira babban taro domin zaɓen buƙata guda, kuma wannan zama ya fi kowane zafi. Makafi suna son littattafan makaranta da rubutunsu, kurame suna son tafinta a kotu da asibiti, zabiya suna son man kariya daga rana da gwajin fata, iyaye suna son makarantu su daina korar 'ya'yansu, matasa kuma aikin yi kawai suke magana. Kowace buƙata gaskiya ce, amma takardar da ta ɗauko su duka ba ta da mai ita a gwamnati: ma'aikatar lafiya za ta tura ta ma'aikatar ilimi, ita kuma ta tura ta ma'aikatar jin daɗin jama'a, a can ta kwanta. Mun auna kowace buƙata da tambayoyi kaɗan. Shin ofishi ɗaya zai iya yanke hukunci a kanta? Shin za a iya ƙiyasta kuɗinta? Shin bayan shekara za mu iya zuwa mu gani da ido ko an yi? Shin ta shafi rukuni fiye da ɗaya? Ƙananan asibitoci suka cika sharuɗɗan. Wakilan kurame suka tsaya kai da fata cewa idan takardar ta tsaya kan siminti da ƙofa, to ba tasu ba ce, kuma suna da gaskiya, domin kurma yana shiga asibiti da ƙafarsa ya fito ba a gane ciwonsa ba. Aka saka batun tafinta a matsayin sashe mai zaman kansa, aka kuma rubuta a minit cewa buƙatar makarantu ce za ta biyo baya. Wannan alkawari da aka rubuta shi ne ya hana ƙungiya rabewa gida biyu, kuma ba abin da ke kashe irin wannan fafutuka kamar wata tawaga ta je ofis ɗin minista washegari ta ce ba da yawunta aka yi ba.

Sai tattara hujja. Mun rubuta wa ma'aikata muna neman izinin ziyartar asibitoci, muka fita da tef ɗin awo, waya mai kyamara da fom mai shafi ɗaya. A kowane asibiti muna auna tsayin matakala, tsawon gangaren da aka yi wa keke in akwai, faɗin ƙofar ɗakin likita da ta bayi, da ko gadon gwaji yana sauka ƙasa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a dokokin gini shi ne kada gangare ya fi ɗaya cikin 12 tsauri, wato kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. A wani asibiti mun tarar da matakala uku, kowace santimita 15, jimilla 45. Gangaren da ya dace da wannan tsayi mita 5.4 ne. Wanda ɗan kwangila ya zuba bai kai mita biyu ba, ba shi da ƙarfen dafawa, kuma an shafe shi da siminti mai santsi. Na gwada hawa da kekena, ƙafafun gaba suka ɗaga sama tun ban kai rabi ba, sai da abokin tafiyata ya tare ni ta baya. A takardun ma'aikata kuwa wannan asibiti yana cikin waɗanda aka rubuta cewa an gama gyara su. A bayin wani asibitin, ƙofar ba ta kai santimita 80 da keke ke buƙata ba, kuma tana buɗewa ciki ne, ta yadda ko mutum ya samu ya shiga ba zai iya rufe ta ba, balle ya samu filin mita ɗaya da rabi da zai juya. Wata mamba kurma ta ba mu izini, ba tare da sunanta ba, mu rubuta yadda ta je awon ciki da ɗanta ɗan firamare a matsayin tafinta, aka yi mata tambayoyin da ba za ta iya amsawa a gabansa ba, ta yi shiru ta dawo gida. Labari biyu kawai muka saka a takardar, kowanne a gefen awon da ke tabbatar da shi.

Ƙiyasin kuɗi shi ne wurin da muka nemi taimakon masana. Wani mai ƙiyasin gini ya ɗauki asibiti ɗaya a matsayin samfuri, ya lissafa gangare da ƙarfen dafawa, faɗaɗa ƙofa biyu, gyaran bayi ɗaya da allunan rubutu manya masu launi bayyananne, ta amfani da farashin da ma'aikatar ayyuka da kanta take biya. Muka ninka da adadin asibitocin, muka raba aikin shekara uku, muka fara da waɗanda rajistarmu ta nuna sun fi yawan mambobi a kewayensu. A nan muka raba buƙatar gida biyu, kuma wannan rabo ya yi mana amfani ƙwarai. Sharhi na 2 na kwamitin yarjejeniyar, na 2014, ya bambanta sabon gini da tsoho: sabo dole ne ya zama kowa na iya shiga tun daga zanensa, tsoho kuwa ana iya gyara shi sannu a hankali bisa jadawali. Rahoton Duniya kan Nakasa na 2011, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar, ya nuna cewa cika waɗannan sharuɗɗa a sabon gini yakan tsaya a kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin aikin, alhali fasa ginin da aka gama a gyara ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Don haka kashi na farko na buƙatarmu bai nemi sabon kuɗi ba, takardar umarni kawai ya nema daga ma'aikata cewa ba za a amince da zanen sabon asibiti ba, kuma ba za a biya ɗan kwangila kason ƙarshe ba, sai an auna an tabbatar. Kashi na biyu shi ne layi mai sunansa a kasafin kuɗi domin gyaran tsofaffin asibitoci da ɗaukar tafintoci waɗanda za su riƙa zagaya asibitoci a ranakun awo da aka sanar.

Takardar kanta ba ta wuce shafi huɗu ba. Shafin farko ya ƙunshi abin da muke so a jimloli uku, da wanda zai sa hannu, da ranar da muke fatan a fara. Sauran sun ɗauki abin da muka gani, madogara a doka, wato sashe na 9 kan samun damar shiga wurare da sashe na 25 kan lafiya tare da dokokin cikin gida da suka yi daidai da su, sai ƙiyasin kuɗi da yadda za a auna nasara. A bayanta muka liƙa daftarin takardar umarnin da muka rubuta da salon ma'aikata, ta yadda jami'in da aka miƙa wa fayil ba sai ya fara daga farko ba. Mun fitar da ita da manyan haruffa, da rubutun makafi, da murya, da bidiyon maganar hannu, aka karanta wa mambobi suka amince kafin ta fita. Ƙungiyar da ke neman a buɗe wa mambobinta ƙofa bai kamata ta kai takardar da su kansu ba su san abin da ke cikinta ba.

Sanin wanda za a kai wa da lokacin kaiwa ya kai muhimmancin rubutun. Mutane kan ɗauka ganin minista shi ne nasara, alhali minista yakan saurara, ya yi alkawari, a ɗauki hoto, sannan ya miƙa takardar ga babban sakatare, shi kuma ya tura ta ga daraktan tsare-tsare da na ƙananan asibitoci su ba da shawara. Idan waɗannan biyu ba su taɓa jin labarinta ba, shawarar da za su rubuta ita ce a jira sai an samu kuɗi. Saboda haka muka fara da su, muka kai musu daftari muka nemi gyara, suka kuwa gyara mana lambar layin kasafi da sunan sashen da ke amincewa da zanen gini. Daga ranar suka fara kallon takardar a matsayin wadda da hannunsu a ciki. Su ne kuma suka gaya mana watan da ma'aikatar kuɗi ke aiko da takardar neman ƙiyasin shekara mai zuwa, da iyakar kuɗin da ake ba kowace ma'aikata. Buƙatar da ta iso bayan an tura ƙiyasi sai ta jira wata shekarar, komai kyawunta. Kowace wasiƙa mun kai ta kwafi biyu, an buga wa namu hatimi da kwanan wata a ofishin karɓar wasiƙu, mun kuma rubuta lambar fayil, domin da ita ake bin sawun takarda daga tebur zuwa tebur. A gefe guda muka gana da shugaban kwamitin lafiya na majalisar dokoki da magatakardan kwamitin, saboda a gabansu ma'aikata za ta je kare kasafinta, muka ba su tambayoyi biyu a rubuce da za su iya yi wa jami'an.

Ranar gabatarwa mun je mu biyar tare da tafinta da muka ɗauko da kanmu, bayan mun rubuta tun da wuri cewa a sa zaman a ɗakin da ke ƙasa. Mun raba magana tun daga gida: shugabarmu ta faɗi buƙata a minti biyu, mamba kurma ta yi bayani da hannunta, ni na bi da awo da kuɗi. Mun roƙi jami'an su riƙa kallon mai magana, ba tafinta ba. Babban sakatare ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ma'aikata ta tausaya ƙwarai, kuma a shirye take ta raba kekuna da sanduna a bikin 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya. Wannan ita ce amsar da muka fi tsoro, domin kyauta ce da ke rufe baki, kuma akwai mambobinmu da ke matuƙar buƙatar kekunan. Shugabarmu ta ce: "Ranka ya daɗe, mun gode, kuma za mu kawo sunayen masu buƙata a wata wasiƙa daban. Amma wanda aka ba keken ba zai iya shiga asibitin da shi ba. Abin da ya kawo mu yau yana shafi na farko." Da ya ce babu kuɗi, sai na nuna masa cewa takardar umarnin ba ta buƙatar ƙarin kasafi, daraktan tsare-tsare kuma ya tabbatar da hakan da bakinsa. Kafin mu tashi muka nemi a faɗi jami'in da zai riƙe fayil ɗin da ranar da za mu dawo, washegari kuma muka aika wasiƙar godiya da ta jera abin da aka amince da shi ɗaya bayan ɗaya, domin alkawarin baki yakan bi mai shi idan aka sauya masa wurin aiki.

Ba duk abin da muka nema muka samu ba. Takardar umarni kan sababbin gine-gine ta fito. Layin gyaran tsofaffin asibitoci ya shiga kasafi da kuɗin da bai kai ƙiyasinmu ba, batun tafintoci kuwa aka ɗage shi da hujjar cewa babu gurbinsu a tsarin ɗaukar ma'aikata, wanda ya nuna mana cewa wannan sashe yana hannun hukumar da ke kula da ma'aikatan gwamnati ne, can kuma muka buɗe sabon fayil da wakilan kurame a gaba. Shigar kuɗi a kasafi ma ba ta nufin an sake su, don haka duk bayan wata uku muna neman rahoton aiwatar da kasafi, mu duba nawa aka fitar a layinmu, mu kwatanta da abin da mambobi suka gani a asibitocin da ke kusa da su. Abin da muka tattara muna ajiye shi domin rahoton da ƙungiyoyi ke da damar aika wa kwamitin yarjejeniyar, a gefen wanda gwamnati ke bayarwa duk shekara huɗu. Mun kuma nemi a riƙa sa mambobinmu biyu a tawagar da ke duba gini kafin a biya ɗan kwangila, aka amince. A asibitin farko da aka kira mu dubawa, tsawon gangaren ya yi daidai, amma an kafa ƙarfen dafawa a gefe ɗaya kawai kuma ƙofar bayi tana buɗewa ciki, sai muka rubuta hakan a fom ɗin, aka dakatar da biya har aka gyara.